FASHIN BAƘI: Yadda ake bin sawun shinkafar da aka bai wa mai injin casa a arewacin Zamfara

Mafi yawan shinkafar gida da ake aunawa a kasuwannin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ba a hannun mutum ɗaya take kammala tafiyarta ba. Manomi ya noma, ɗan kasuwa ya sayi shanshera, mata su yi gumi su shanya, sannan a kai wa mai inji ya cashe. Mai injin ba sayen shinkafar yake yi ba, aikin casar kawai ake biyansa. Daga lokacin da buhunan suka shiga rumfarsa har su fito, dukiyar mutum tana hannun wani, kuma abin da zai dawo ba shi ne abin da aka kai ba, a kama ko a nauyi.

A wannan gaɓa ce ake yawan saɓani. Mai kaya ya ce an rage masa, mai inji ya ce abin da shinkafar ta bayar ke nan, kuma babu mai abin da zai nuna. Wannan bayani ya duba yadda ake gane ragin da tilas ne ya faru, da ragin da laifin aiki ne, da wanda hannu ne ya ɗauka, da kuma abin da fiƙihun Malikiyya ya ɗora wa kowane ɓangare.

Me ya sa ake ba da casa waje?

Ƙananan hukumomin uku suna cikin yankin da kogunan Gagare da Bunsuru suka ratsa kafin su zuba a kogin Rima, kuma a fadamun waɗannan koguna ake noman shinkafa. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis ta daɗe tana tara hatsi da dabbobi daga Zamfara da gabashin Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. Ƙaura Namoda kuwa ta zama matattarar amfanin gona tun da layin dogo daga Zariya ya iso ta a 1929, ya tsaya a nan.

Ɗan kasuwar da ke juya buhu ashirin ko talatin a mako ba shi da dalilin sayen injin kansa. Injin yana son jari da man gas da makaniki da kayan gyara, ga shi zai yi kwanaki a kashe idan kaka ta wuce. Ya fi masa sauƙi ya biya kuɗin casa a kan kowane buhu. Shi ma mai injin ya huta da neman jarin sayen shanshera da fargabar faɗuwar farashi. Wannan yarjejeniya ita ce jinga, wadda littattafan fiƙihu suke kira ijara: kayan na mai su ne, aikin na mai sana'a ne. Ta bambanta da wanda ya je ya ce a yi masa buhu goma na tsaba daga shansherar mai injin, domin wannan ciniki ne, kuma asarar da ta faru kafin a miƙa masa ba tasa ba ce.

Daga wannan bambanci ne ƙa'idar farko ta fito. Shansherar da ke rumfar mai inji tana nan cikin dukiyar mai ita. Ba a sayar ba, ba a ba da bashi ba, wuri kawai ta sauya. Saboda haka dole ta kasance a littafinsa a shafi na musamman, a rubuta cewa kaya ne da ke hannun wane, har ranar da ta dawo.

Abin da ke cikin buhun shanshera

Kafin a zargi kowa, sai an san abin da shanshera za ta iya bayarwa. A ƙididdigar Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin, kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, wato ɓawon waje. Kashi 8 zuwa 12 dusa ce, gwargwadon yadda aka goge ƙwayar. Abin da ya rage, kashi 68 zuwa 72, shi ne tsaba, idan an haɗa lafiyayyar ƙwaya da karyayyiya. Wannan shi ne iyakar abin da injin zamani mai kyau zai fitar daga shanshera mai tsabta wadda ta bushe daidai.

Ƙananan injinan ƙarfe da suka fi yawa a garuruwanmu ba sa kai wa nan. Samfurin da ake kira Engelberg ne, wanda aka ƙirƙira a Brazil a ƙarshen ƙarni na 19. Yana ɓare ɓuntu ya goge dusa a cikin bututu ɗaya ta hanyar matsa ƙwayoyin da juna da jikin ƙarfe, don haka yana karya ƙwaya da yawa, kuma ɓuntu da dusa da garin shinkafa suna fita a gauraye. Idan ɗanyar shanshera ce wadda ba a yi wa gumi ba, tsabar kan iya sauka zuwa kashi 55 ko ƙasa da haka. Gumi yana taurara ƙwayar, yana like tsagar da ke cikinta, yana kuma sassauta ɓuntun, shi ya sa shinkafar gumi ta fi jure wa wannan inji, ta fi kuma ba da tsaba.

Abu na biyu shi ne danshi. Shanshera ta fi casuwa idan ruwan da ke cikinta yana wajen kashi 14 cikin 100. Idan ta fi haka jiƙa, ƙwayar tana da laushi, sai ta dagargaje ta toshe rariyar injin. Idan kuma an bar ta a rana mai zafi har ta bushe ƙarau, sai ta tsattsage tun a cikin ɓawonta, injin yana taɓa ta ta kakkarye. Wannan na nufin mai inji yana iya gadon laifin da aka yi tun a wurin shanya. Yana kuma nufin buhun da aka kawo da sauran danshi yana ɗauke da ruwan da mai kaya ya auna a matsayin shinkafa.

Abu na uku shi ne datti: yashi, tsakuwa, kara, da ƙwayoyin da ba su yi ido ba. Shansherar da aka sussuka a ƙasa aka shanya a bakin titi ba ta rasa su, kuma duk suna hawa sikeli.

Tiya ba ta isa shaida ba

A kasuwannin wannan yanki da tiya da buhu ake ciniki, kuma duka biyun girma suke aunawa, ba nauyi ba. Shanshera tana da ɓawo mai kaushi wanda ke barin iska a tsakanin ƙwayoyi, don haka litarta ɗaya ba ta cika kai giram 600 ba. Litar tsaba kuwa tana wajen giram 800. Idan aka kai tiya 100 ta shanshera, injin ya fitar da kashi 64 na nauyinta, abin da zai dawo wajen tiya 46 ne. Wanda ya ji an ce shinkafa tana ba da kashi sittin da wani abu, ya ga tiyarsa 100 ta koma 46, zai ɗauka an yi masa sata, alhali babu ƙwayar da ta ɓata.

Akwai kuma bambancin hannu. Wani yana tula tiya har ta yi tozo, wani yana shafe bakinta. Wani buhun an danna shi an yi masa ƙari a baki, wani an ɗinke shi sako-sako. Bambancin tiya ɗaya a kowane buhu ba ya jan ido, amma a buhu ashirin ya zama rabin buhu. Saboda haka duk wanda zai bar kayansa a hannun wani, sikeli ne ya kamata ya zama alƙali, kuma sikeli ɗaya a shiga da fita. Idan sikelin yana ƙari ko ragi, matuƙar shi aka yi amfani da shi sau biyun, kason da aka samu ba zai canza sosai ba. Gwada shi abu ne mai sauƙi: jarkar da aka san nauyinta, a zuba mata ruwa lita 20, dole ta ƙaru da kilo 20.

Buhun gwaji

Tun da inji ya bambanta da inji, kuma shanshera ta bambanta da shanshera, babu wani kaso guda da za a ɗora wa kowa. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji a gaban ɓangarorin biyu kafin a fara babban aiki.

Ana ɗibar kaɗan daga buhuna da dama, ba daga buhu ɗaya ba, ana kuma zura hannu ko bututun ɗiba har tsakiya, domin a baki ake ɗora mai kyau. Daga abin da aka tara sai a auna kilo 10 a shimfiɗa a inuwa mai iska ko rana mai sauƙi har ta kai bushewar casa, wadda masu sana'ar suke ganewa da haƙori: ƙwayar ta fashe da ƙara, ba ta lanƙwashe ba, ba ta kuma zama gari ba. A sake aunawa, ragin da aka samu shi ne ruwa. Sai a sheƙe ta, a tankaɗe yashi, a tsince tsakuwa, a sake aunawa, ragin shi ne datti. Inda ake da na'urar auna danshi aikin ya fi sauri, amma sikeli da haƙuri suna ba da amsa mai kusa.

Bayan haka sai a cashe kilo 50 na busasshiyar shanshera mai tsabta a injin da za a yi aikin da shi, a daidaita shi har mai kaya ya yarda da hasken tsabar. A auna tsabar, a auna abin da ya fita ta wajen ɓuntu. Kafin gwajin a bar injin ya ci wani abu daga kayan, domin bututunsa yana riƙe kilo kaɗan a ciki, kuma idan da shi aka fara a wofi, kason zai fito ƙasa da gaskiya. A ƙarshe a ɗebi tsabar gwajin a leda biyu, da shansherar a leda biyu, a ɗaure, kowa ya riƙe nasa. Waɗannan ledoji su ne shaidar irin da aka kawo da ingancin da aka amince da shi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Ƙaura Namoda ya sayo shanshera a Shinkafi, an yi mata gumi, ya kai buhu 20 wurin mai inji. Bayan an cire nauyin buhunan, sikeli ya nuna kilo 1,500. Alƙaluman misali ne, amma hanyar lissafin ita ce a kowane hali.

Kilo 10 da aka shanya ya koma kilo 9.65. Wannan shi ne abin da ake samu idan danshi ya sauka daga kashi 17 zuwa 14. Idan aka ɗora wannan a kan dukan kayan, kilo 1,500 zai koma kimanin 1,448 bayan an ƙara shanya shi. Kilo 52 ruwa ne, kuma iska ce ta tafi da shi. Sheƙa da tsinta suka nuna datti kashi 2, wato kilo 29, saura 1,419. Wannan ne ainihin abin da mai injin ya karɓa don ya cashe. A gwaji kuma kilo 50 ya ba da tsaba kilo 32, wato kashi 64. Saboda haka abin da ake jira shi ne tsaba kilo 908, da ɓuntu haɗe da dusa kimanin kilo 511.

Ranar ɗauka aka auna tsaba aka samu kilo 870: buhu 17 masu kilo 50, da ragowar kilo 20. Da ɗan kasuwar bai yi gwajin ruwa da datti ba, zai ɗora kashi 64 a kan 1,500 ya sa ran kilo 960, ya ce an ci masa kilo 90, kusan buhu biyu. Mai injin kuma, da yake ya san an kawo masa kaya da danshi, zai rantse bai taɓa ba, a rabu baram-baram. Amma giɓin gaskiya kilo 38 ne. A cikinsa ma akwai abin da ake yafewa na ƙura da zubewa da abin da ya maƙale a inji. Idan tun farko sun amince da kashi 1 na shansherar, kilo 14 ke nan, saura kilo 24 da ke neman bayani.

Bayanin yana cikin tarin ɓuntu, kuma shi ya sa bai kamata a kwashe shi ko a gauraya shi da na wani ba kafin a rufe lissafi. Idan aka auna aka samu kilo 545 maimakon 511, jimillar abin da ya fito ta zama 1,415, kusan daidai da abin da ya shiga. Ke nan shinkafar ba ta bar wurin ba, ta bi ɓuntu ne. Aka tankaɗe kwano ɗaya na ɓuntun aka ga gutsattsarin ƙwaya da farin gari da yawa, to an matse injin fiye da yadda aka yi a gwaji, ko rariyarsa ta huje, ko an yi gaggawa an cashe wasu buhunan kafin su bushe. Wannan laifin aiki ne. Idan kuwa ɓuntun ya tsaya a kilo 510, jimillar ta zama 1,380, kusan kilo 40 babu shi a ko'ina. Inji ba ya cinye shinkafa. Ko dai wani abu bai shiga injin ba, ko ya fita bayan an cashe.

Maganin matsalolin biyu ba ɗaya ba ne. Ta farko ana warware ta da rage kuɗin casa ko biyan abin da ya lalace, da gyaran inji. Ta biyu magana ce ta amana. Wanda bai auna ɓuntu ba ba zai iya bambance su ba, sai ya kira mai sakaci ɓarawo, ko ya yafe wa ɓarawo a kan zaton sakaci ne.

Lokacin da nauyi ya cika amma kayan ba su ne ba

Sikeli ba ya kama kowace irin cuta. Ana iya mayar da kilo 908 cif, amma an musanya doguwar ƙwaya irin ta Faro 44 da wata gajera mai araha, ko an gauraya sabuwa da tsohuwa. A nan ledar da aka ɗaure take amfani: a zuba tafi ɗaya daga kowace a faifai a kwatanta tsawo da kauri da launi. Ana iya cika nauyi da karyayyiyar ƙwayar da aka tace daga kayan wani. Gane wannan shi ne a auna giram 100 daga tsakiyar buhu, a ware lafiyayya da karyayyiya, a yi haka ga tsabar gwaji, a ga ko kason ya yi nisa. Ana kuma iya yayyafa ruwa ko a bar buhunan a ƙasa mai laima. Tsabar da aka yi wa haka tana da sanyi a hannu, tana dunƙulewa idan an damƙa, bayan kwanaki buhun ya ɗauki ɗumi da wari, nauyinsa kuma ya ragu.

Ba kowace gauraya ce da gangan ba. A rumfar da mutum goma suka jibge kaya, buhunan da ba su da alama suna shiga juna. Don haka kowane buhu a rubuta masa sunan mai shi da lambar kaso da tawada mai kama jiki, misali kaso na 7, buhu na 3 cikin 20, kuma mai kaya ya kai nasa buhunan da za a zuba tsabar, su ma da alamarsu.

Takarda da littafi

Rubutun da ake bukata bai fi ƙarfin littafin rasit mai kwafi ba. Takardar miƙa kaya ta ƙunshi kwanan wata, lambar kaso, irin shinkafar, yawan buhuna, nauyin kowane buhu, sakamakon gwajin ruwa da datti da tsaba, ragin da aka yarda a yafe, kuɗin casa, ranar da za a gama, da wanda zai ɗauki ɓuntu da dusa. Ɓangarorin biyu su sa hannu ko su dangwala yatsa, da shaida ɗaya ko biyu. Kwafi ɗaya ga mai kaya, ɗaya ga mai inji, idan kuma direba ne ya kai, shi ma ya riƙe nasa. Ko da boko aka rubuta ko da ajami, duk ɗaya ne, matuƙar kowa zai iya karantawa ko a karanta masa a gaban shaidu.

Inda aka fi ruɗewa shi ne idan ana kwasar tsabar kaɗan-kaɗan. An kai shanshera, ana karɓar tsaba, ba za a iya cire wannan daga wancan kai tsaye ba. Sai a mayar da tsabar zuwa shansherar da ta haife ta. A misalin da ya gabata, idan ranar Litinin aka ɗauki tsaba kilo 320, a kashi 64 wannan ya cinye shanshera kilo 500, saura 919 a hannun mai inji. Idan mai kaya ya leƙa rumfar ya ga abin da ya rage bai kai haka ba, ya gano giɓin tun kaya suna nan, ba sai bayan mako biyu ba. Kowane kaso kuma a rufe shi kafin a buɗe wani. Wanda ke ƙara sabbin buhuna a kan tsofaffi ba tare da rufe lissafi ba, giɓinsa yana ɓuya a ƙarƙashin sabon kaya har ya girma.

Daga wannan littafi ne ake sanin ainihin kuɗin da kilo ɗaya na tsaba ya ci: kuɗin shanshera, da na gumi, da dako zuwa da dawowa, da kuɗin casa, a cire abin da aka sayar da dusa, a raba da tsabar da ta dawo. Mai injin da kuɗinsa ya fi sauƙi amma yake ba da kashi 60 ya fi tsada a kan mai ba da 64, domin a kowane kilo 1,000 bambancin kilo 40 ne na tsaba.

Dusa ta wa ce?

Yadda ake biyan mai inji yana tura shi wani ɓangare ko da mutumin kirki ne. Idan a kan buhun shanshera ake biya, ribarsa tana cikin sauri. Idan a kan tsabar da ta fito ne, ribarsa tana cikin nauyi, sai ya rage gogewa. Idan kuma an bar masa dusa a matsayin lada ko wani ɓangare na lada, duk ƙwayar da ta karye ta bi ɓuntu ta ƙara wa rabonsa daraja wurin masu kiwo, wato asarar mai kaya ta zama ribarsa.

Malaman Malikiyya sun daɗe da lura da wannan. A babin ijara na Muhtasar, Shehu Halil ya lissafa biyan mai niƙa da dusar da za ta fita cikin jingar da ba ta inganta ba, tare da biyan mai fiɗa da fatar dabbar, domin ba a san yawan ladan ko ingancinsa ba lokacin ƙulla yarjejeniya. Mafita ita ce a yanke kuɗin casa sananne, dusar ta zama ta mai kaya, idan ya ga dama ya sayar wa mai injin bayan an auna ta.

Idan kaya suka ɓata ko suka lalace

Jihar Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga farkon shekarar 2000, kuma irin wannan ƙara tsakanin Musulmi tana zuwa gaban kotunan shari'a, waɗanda ke bin mazhabar Malikiyya. Asali wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci. Amma mazhabar ta ware masu sana'ar da suka buɗe wuri don yi wa jama'a aiki: Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa suna lamunin abin da aka bar musu suka yi aikinsa ba a gaban mai shi ba. Mai injin da ya ce kaya sun ɓata, shi ne zai kawo shaidar cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba, kamar gobara ko farmakin da mutane suka gani. A zance mafi shahara, ko ya gindaya sharaɗin cewa babu ruwansa da asara, sharaɗin ba ya ɗauke masa lamuni. Idan kuwa mai kaya ko wakilinsa yana tsaye aka yi aikin, wannan hukunci ba ya hawa kansa. Haka kuma idan ya gama ya gabatar da kayan yadda aka yi sharaɗi, mai su ya bar su a wurinsa, sun koma ajiya. Mazhabar ta ɗora irin wannan lamuni a kan mai dakon kayan abinci, wanda a yau ya shafi direban da ke ɗaukar buhuna ba tare da mai su ba.

Duk waɗannan hukunce-hukunce suna tsayawa ne a kan sanin nawa aka miƙa, yaushe, kuma a wane hali. Alƙali ba zai sa a biya buhu ashirin da ba a san nauyinsu ba sai da rantsuwa da jayayya.

Yanayin tsaro ya ƙara wa wannan nauyi. Hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Ƙaura zuwa Zurmi sun sha fama da tare matafiya. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A irin wannan hali mai kaya yana iya yin makonni bai isa inda kayansa suke ba, bai kuma ji daga mai injin ba, kuma saƙon waya ba ya maye gurbin takardar da ke aljihu. Shi ya sa ya fi aminci a riƙa kai kaso ƙanana waɗanda za a cashe a kwashe cikin kwana biyu ko uku, a sa wakili a garin da injin yake, a kuma rubuta tun farko abin da za a yi da tsabar idan hanya ta rufe: a ajiye ta a ina, a kan kuɗin wa, ko a sayar da izinin wa.

Iyakar wannan hanya

Gwajin kilo 50 ba ya wakiltar kayan da aka tattaro daga gonaki biyar da tukwanen gumi daban-daban. Irin wannan sai a raba shi kaso-kaso, kowane da gwajinsa. Auna ɓuntu kuma yana cin lokaci, kuma mai injin da layi ke jiransa ba zai so tsayawa ba, don haka ga macen da ta kawo tiya talatin tana tsaye har a gama, idonta ya wadatar. Lissafin yana biyan wahalarsa ne idan kayan sun kai buhuna da yawa kuma za su kwana a hannun wani. A nan kilo 24 da ba a bi sawunsa ba a kowane kaso, ga mai kai kaya sau ɗaya a mako, ya haura tan ɗaya a shekara.